Tambayoyi da Amsoshi a Kan Saita Jita da Dalilan da ke Sa Tsirkiya Sauka

Waɗannan tambayoyi su ne waɗanda ɗalibaina da abokan kiɗa suka fi yawan kawo mini a nan Yamai, musamman daga watan Disamba zuwa Mayu, lokacin da iskar hunturu da zafin bazara ke wahalar da katako. Kafin a shiga, ga kalmomin da zan riƙa amfani da su. Tsirkiya ta 1 ita ce mafi siranta, ta 6 kuma mafi kauri. Gida shi ne filin da ke tsakanin ƙarafunan da aka gitta a wuyan jita. Kunne shi ne abin da ake murɗawa, turke kuma shi ne ƙarfen da tsirkiya ke naɗewa a jikinsa. Na aro sunan jaki daga masu gurmi da garaya: jakin ƙasa shi ne wanda ke kan cikin jita, jakin sama kuma shi ne mai tsage-tsage shida da ke kusa da kan jita, inda kunnuwa suke.

1. A kan wane sauti ya kamata kowace tsirkiya ta tsaya?

Daga ta 6 zuwa ta 1, sautukan su ne Mi, La, Re, Sol, Si, Mi. Haka muka koye su a nan, amma kusan duk na'urorin saiti da ake sayarwa a kasuwa da haruffa suke nuna su: E, A, D, G, B, E. Wajibi ne mai koyo ya haddace jerin biyu tare, domin kuskuren da ya fi yawa a makon farko shi ne mutum ya ga D a kan allo ya ɗauka Do ake nufi, alhali D na nufin Re, C ne ke nufin Do.

Ma'aunin da duniya ta amince da shi shi ne sautin La mai kaɗawa sau 440 a cikin daƙiƙa ɗaya, wanda ake rubutawa 440 Hz. Tsirkiya ta 5 idan an kaɗa ta a sake, wato ba a danna ta a kowane gida ba, tana ba da 110, ta 6 tana ba da kusan 82, ta 1 kuma kusan 330. Ba a buƙatar haddace waɗannan lambobi, sai dai lambar 440, saboda dalilin da ke cikin amsa ta 3.

2. Yaya ake amfani da na'urar saiti wadda ake maƙalawa a kan jita?

Wannan na'ura, wadda makaɗan Yamai ke kira akordar, ba da kunne take ji ba. Girgizar katako take karantawa, shi ya sa take aiki ko da a tsakiyar biki ne, ga janareta na ruri, ga kalangu na tashi. A maƙala ta da kyau a kan jita, can wajen kunnuwa, inda katako yake da faɗi, a juyo allonta ta fuskanci mai kiɗa. Sannan a kaɗa tsirkiya ɗaya tak, da ƙarfin da aka saba kiɗa da shi, a ɗora gefen hannu a kan sauran biyar domin su yi shiru. Da farko a duba harafin da ya fito, a tabbata shi ne na tsirkiyar da ake nema. Bayan haka a duba allura: idan ta karkata hagu sautin ya yi ƙasa, sai a ƙara ɗaure, idan ta karkata dama ya yi sama, idan ta tsaya a tsakiya, a yawancin na'urori allon zai koma kore.

Akwai abin da ba kowa ke lura da shi ba. A daidai lokacin da aka bugi tsirkiya, sautinta yakan ɗan haura, sannan ya dawo mazauninsa bayan kamar daƙiƙa ɗaya, kuma wannan ya fi bayyana a tsirkiya ta 6. Saboda haka kada a murɗa kunne bisa tsallen farko na allura. A bar ta ta natsu, a sake kaɗawa duk bayan daƙiƙa biyu ko uku, ana murɗawa kaɗan-kaɗan. Idan an gama shidan, a koma kan ta farko a sake zagayawa, domin ɗaure wasu yana ɗan jawo wuyan jita gaba, waɗanda aka riga aka saita su ɗan saki.

3. Na'urar ta nuna kore a dukkan tsirkiyoyi, amma ban dace da mai fiyano ba. Me ya faru?

A fara duba ƙaramar lambar da ke kusurwar allo. Yawancin waɗannan na'urori suna da maɓallin da ke sauya ma'auni, kuma idan na'urar tana cikin aljihu ko jaka maɓallin yakan dannu, lambar ta koma 436 ko 445 ba tare da mai ita ya sani ba. A wannan hali tsirkiyoyin za su dace da junansu, amma jitar gaba ɗaya ta kauce wa sauran kayan kiɗa. A mayar da ita 440. Haka kuma a duba ko akwai alamar ♭ a kan allo, wadda ke saukar da saitin gaba ɗaya da gida ɗaya.

Abu na biyu shi ne yanayin aiki. Ƙananan na'urori da yawa suna da zaɓi mai haruffa C, G, B, V, U. A nan G ba Sol ba ne, yanayin jita ne, C kuma shi ne yanayin da ke gane kowane sauti. Ni na fi ba da shawarar C, domin yana faɗin gaskiyar inda tsirkiya take, ko da ta yi nisa da inda ake so. Idan kuma allon ya dushe ko allura ta riƙa yawo ba dalili, pil ɗin ne ya yi rauni. Yawancinsu suna amfani da CR2032, irin mai kama da kwabo, kuma ana samunsa wurin masu gyaran agogo.

4. Yaya ake saita jita da kunnen mutum kawai, ba na'ura?

Ana buƙatar sauti ɗaya tabbatacce da za a jingina da shi: La daga fiyano, ko daga wayar hannu, ko daga jitar abokin kiɗa da aka riga aka saita. A daidaita tsirkiya ta 5 da shi. Sannan a danna ta 6 a gida na 5, a murɗa kunnen ta 6 har sautinta ya zama ɗaya da ta 5 a sake. Daga nan a nufi siraran: ta 5 a gida na 5 tana ba da sautin ta 4; ta 4 a gida na 5 tana ba da na ta 3; ta 3 a gida na 4, ba na 5 ba, tana ba da na ta 2; ta 2 a gida na 5 tana ba da na ta 1.

Raunin wannan hanya shi ne kuskure yana taruwa. Idan ta 4 ta ɗan kauce, ta 3 za ta gaji kuskurenta ta ƙara nata, har a kai ta 1 an yi nisa. Maganinsa shi ne a rufe da gwaji: a kaɗa ta 6 da ta 1 tare a sake, dukansu Mi ne, dole su narke cikin juna. A kuma danna ta 4 a gida na 2, wanda shi ma Mi ne, a gwada shi da su biyun. Idan ukun sun yarda da juna, saitin ya yi kyau. A kula kuma da ƙarfin yatsa, domin danna tsirkiya da ƙarfi fiye da kima yana haurar da sautinta, sai a saita ta gaba a kan ƙarya.

5. Kunnena ba ya gane ko sautin ya yi sama ko ƙasa. Me zan saurara?

Kada a tsaya tambayar kai wanne ya fi tsayi, domin idan sautuka biyu sun kusanci juna, har gwanaye sukan ruɗe. A saurari rawar da ke tsakaninsu. Idan sautuka biyu da suka kusa zama ɗaya suka tashi tare, ana jin ƙarar tana kumbura tana lafawa, wau-wau-wau. Saurin wannan rawa daidai yake da tazarar da ke tsakaninsu: idan ɗaya tana kaɗawa sau 110 ɗayar kuma 112, za a ji rawar sau biyu a daƙiƙa. Yayin da ake murɗa kunne, idan rawar tana ƙara sauri an bi hanyar da ba ita ba, idan tana jan jiki an kusa, idan ta kwanta gaba ɗaya an iso.

Domin a ji wannan sosai, sai hannun hagu ya ci gaba da danna gidan, hannun dama ya kaɗa tsirkiyoyin biyu sannan ya tsallaka ya kama kunne tun sautin bai mutu ba. Na fi son ɗalibi ya yi wannan atisaye da dare ko bayan sallar asuba, lokacin da unguwa ta yi tsit. Ya saita da kunnensa tukuna, sannan ya kunna na'ura ya ga inda ya kauce. Wanda ya lizimci haka mako uku ko huɗu yakan ga allura ta daina ba shi kunya.

6. Me ya sa ake cewa a riƙa hawa zuwa ga sauti, kada a sauko masa?

Wannan ita ce ƙa'idar da na fi nanatawa, domin ita kaɗai tana kawar da kaso mai yawa na koke-koken da ake kawo mini. A cikin kowane kunne akwai haƙoran ƙarfe biyu da ke cizon juna, kuma tsakaninsu akwai ɗan sarari. Idan ana ɗaurewa, haƙoran suna manne, tsirkiya na ja, babu wurin motsi. Idan kuwa aka sassauta aka tsaya a kan sautin daga sama, wannan sarari yana nan a buɗe, kuma wani ɓangare na tsirkiyar da ke bayan jakin sama bai gama sakin jikinsa ba. Allura za ta nuna kore, amma da zarar an yi bugu biyu masu ƙarfi, sakin da ya ɓuya zai fito, tsirkiyar ta sauka.

Saboda haka idan tsirkiya ta wuce sama, a sassauta ta har ta sauka ƙasa da inda ake so sosai, a ɗan ja ta da yatsa, sannan a hau a hankali har a iso.

7. Na sa sababbin tsirkiyoyi jiya, yau duk sun sauka. Jabu aka sayar mini?

Ba lalle ba ne. Sabuwar tsirkiya tana buƙatar ta zauna: naɗin da ke kan turke ya matse, ƙarshenta ya kama wurinsa a jakin ƙasa, ita kanta ta ɗan miƙe. Ana iya gaggauta wannan. Bayan an saita, a sa yatsa a ƙarƙashin tsirkiyar wajen gida na 12, a ɗaga ta kamar santimita ɗaya ko biyu, a bi tsawonta ana ja a hankali, sannan a sake saitawa. A maimaita sau uku ko huɗu har ja ya daina saukar da ita. Tsirkiyar ƙarfe da aka yi wa haka takan zauna a rana ɗaya ko biyu. Ta nailan kuwa, wadda ake sa wa jitar kilasik, tana ci gaba da miƙewa har mako ɗaya ko biyu, kuma ba abin da za a yi mata sai haƙuri da yawan saiti. Shi ya sa ba na sauya tsirkiyar nailan ana gobe wasa.

8. Sau nawa ya kamata a naɗe tsirkiya a kan turke?

Masu kauri, naɗi biyu zuwa uku. Sirara marasa rufi, huɗu zuwa biyar, domin sun fi santsi. Ana samun haka idan aka zura tsirkiyar a ramin turke, aka ja ta ta miƙe, sannan aka mayar da kamar santimita huɗu zuwa biyar baya, ga sirara kuma fiye da haka, kafin a fara murɗawa. Kowane naɗi ya sauka a ƙarƙashin na baya, a jere kamar zaren da aka naɗe a mazari, kada wani ya hau kan wani. Naɗi ɗaya kawai yana zamewa. Naɗi bakwai ko takwas da suka cakuɗe kuwa rumbun saki ne, suna matsewa kaɗan-kaɗan har tsawon makonni, mai jita yana ta zargin kunne.

A jitar da ake toshe tsirkiya da ƙusoshin roba, a tabbata ɗan zoben da ke ƙarshen tsirkiyar ya maƙale a ƙarƙashin katako, ba a bakin ƙusar yake rataye ba. Alamar kuskuren ita ce ƙusar tana ɗagowa yayin da ake ɗaurewa.

9. Tsirkiya ɗaya ce kawai take sauka, kuma ina jin ƙas idan ina murɗa kunnenta. Mene ne wannan?

Wannan ƙara alama ce ta cewa tsirkiyar tana maƙalewa a tsagar jakin sama. Ana murɗa kunne, allura ba ta motsa ba, sai kwatsam a ji ƙas, sautin ya yi tsalle ya wuce. Bari in kawo misalin da na gani da idona. Wani ɗalibina ya kawo jitarsa yana cewa kunnen ta 3 ya mutu, har ya yi cinikin sabo a kasuwa. Na ce masa, "Ƙanena, dakata mu gani kafin ka ɓatar da kuɗinka." Muka saita Sol har kore. Na ɗiga alama da alƙalami a kan tsirkiyar daidai inda ta shiga turke, na kuma lura da inda kunnen ya fuskanta. Ya tura tsirkiyar sama da yatsa a gida na 7 sau uku, irin jan da ake yi a kiɗan hamada, sai allura ta faɗi hagu. Kunnen bai juya ba, alamar ba ta gusa ba, saboda haka laifin ba na kunne ba ne, ba kuma na naɗi ba. Sai na danna ɗan guntun tsirkiyar da ke bayan jakin sama na saki, nan take allura ta tsallaka dama ta tsaya a can. Tsirkiyar da ke zamewa yadda ya kamata tana komawa tsakiya bayan kowane ɗayan gwaje-gwajen nan biyu.

Da muka ɗaga ta daga tsagar, muka tarar da jar ƙura ta daskare a ciki, ga shi kuma ya sauya zuwa tsirkiyoyi masu kauri fiye da waɗanda aka yanka tsagar dominsu. Muka share da tsohon buroshin haƙori, muka ninka takardar yashi mai laushi muka goga gefen tsagar sau kaɗan ba tare da taɓa ƙasanta ba, sannan muka cuɗa bakin fensir a ciki har ta yi baƙi. Aikin bai kai minti goma sha biyar ba, kuma kunnen nan har yanzu shi ne a jikin jitar. Gargaɗi ɗaya: idan aka zurfafa tsagar, tsirkiya za ta riƙa taɓa ƙarfen gida na 1 tana zuzu, kuma ba a mayar da abin da aka goge.

10. To yaushe ne laifin kunne ne da gaske?

Ba kasafai ba, domin irin haƙoran da ke cikinsa ba sa juyawa baya da jan tsirkiya. Amma idan kunne yana juyawa fiye da kwata ba tare da turke ya motsa ba, ko turken yana lilo a raminsa, ko an ga haƙori ya cinye, to ya gaji. Kafin a sauya shi a matse ƙananan sukurorin da ke riƙe shi a bayan kan jita da notin da ke gindin turke, domin katako yana tsukewa a hunturu, su kuma su yi sako-sako.

11. Dukkan tsirkiyoyin suna sauka tare. Yanayi ne?

Sau da yawa shi ne. Ƙarfe yana miƙewa idan ya ji zafi, saboda haka jitar da aka saita a ɗaki mai sanyi aka fito da ita rumfar biki a watan Afrilu, lokacin da zafin Yamai ke wuce digiri 40, za ta sauka cikin ƴan mintuna. Haka ma wadda aka goyo a kan kabu-kabu cikin baƙar jaka. A buɗe jakar a inuwa, a bar jitar minti goma sha biyar zuwa ashirin ta saba da wurin, sannan a saita.

Bushewar iska ta fi zafi illa. Masu ƙera jita suna son danshin iska ya kasance tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, alhali a tsakiyar rani namu yakan faɗi ƙasa da 20, a Tawa ma abin ya fi tsanani. Katako yana tsukewa, fuskar jita ta ɗan lotsa, tsirkiyoyi su saki, har a ji bakin ƙarafunan gidaje yana kartar hannu. Da damina kuma akasin haka ake gani: katako ya kumbura, a wayi gari jita ta haura da kanta. Abin da nake yi a rani shi ne in jiƙa soso, in matse shi har ya daina ɗiga, in sa shi a robar sabulu mai huda-huda, in ajiye a cikin akwatin jitar in rufe, ina sake jiƙawa duk bayan kwana biyu ko uku. Kada ruwan ya taɓa katako.

12. Yaushe saukar tsirkiya ke nuna cewa jitar ce take lalacewa?

Idan duk shidan suna sauka da kusan gida guda kowace rana ba tare da sauyin yanayi ba, tsirkiyoyin kuma suna ƙara nisa da wuya, a daina ɗaurewa a duba jakin ƙasa. Tsirkiyoyin ƙarfe na jitar da ba ta lantarki ba suna ja da nauyin da ya kai kilo 70, kuma zafi yana tausasa gam. A gwada zura takarda a ƙarƙashin gefen baya na katakon jakin. Idan ta shiga, ya fara ɗagowa. A sassauta tsirkiyoyin duka a kai wa mai gyara. A duba kuma inda wuya ya haɗu da jiki ko akwai tsaga. Wannan ya fi samun jitar kilasik da aka ɗora wa tsirkiyar ƙarfe saboda ta nailan ta yi wuyar samu, alhali an gina ta ne domin jan da bai wuce kamar kilo 40 ba.

13. A sake komai daidai ne, amma idan na danna akor, wato sautuka da yawa a haɗe, sai in ji ya karkace. Me ya sa?

A gwada kowace tsirkiya a gida na 12, inda ya kamata na'ura ta nuna harafi ɗaya da na sake, allura a tsakiya. Idan ta karkata dama, tsawon tsirkiyar ya gaza, sai a ja jakin ƙasa baya, nesa da wuya. Idan ta karkata hagu, a matso da shi gaba. A jitar lantarki kowace tsirkiya tana da sukurinta na yin wannan, a sauran kuwa aikin mai gyara ne. Amma kada a taɓa sukuri da tsofaffin tsirkiyoyi, domin tsatsa da gumi da ƙura suna sa nauyinsu ya bambanta daga wuri zuwa wuri, su riƙa ƙarya a gidajen sama. A sauya su tukuna bisa amsa ta 7 da ta 8.

Ko bayan an gyara komai, akwai ɗan karkata da ba ya fita. An raba gidajen jita ne ta yadda kowane akor zai yi daɗi daidai gwargwado, ba tare da ɗaya ya cika sarai ba. A akor na Mi babba, sautin da ta 3 ke bayarwa a gida na 1 ya haura abin da kunne ke so da kusan kashi 14 cikin ɗari na gida guda. Mai kunne mai kyau yakan ji wannan ya sassauta ta 3 har akor ɗin ya yi masa daɗi, sai ya koma akor na Do ya tarar Sol ɗinsa ya yi ƙasa, ya ɗauka tsirkiyar ce ta saki. Shi ya sa a amsa ta 4 na ce a gwada Mi da Mi, domin sauti da takwaransa ba sa yin wannan ruɗu. Wanda zai yi waƙa gaba ɗaya a kan akor guda, kamar yadda ake yi a wasu kiɗe-kiɗen hamada, yana iya gyara ta 3 domin wannan akor ɗin, muddin ya mayar da ita kafin waƙa ta gaba.